Bidiyon Darasi: Yabon Masu Kallo Daban, Koyo Daban

A lokacin da Derek Muller yake karatun digirinsa na uku a Jami'ar Sydney ta ƙasar Ostareliya, wanda ya kammala a 2008, ya yi wani gwaji da ɗaliban ajin farko masu karatun fiziks. Ya fara ba su jarrabawa mai tambayoyi 26 a kan dokokin motsi na Newton, sannan ya sa suka kalli bidiyon darasi, daga baya ya sake ba su jarrabawar. Wani rukuni daga cikinsu ya kalli bidiyo mai tsararren bayani, babu kwana-kwana, babu kuskure. Da aka tambaye su yadda suka ga darasin, suka ce a fayyace yake, mai sauƙin fahimta. Amma kamar yadda Muller ya bayyana daga baya, matsakaicin makinsu kafin kallo 6 ne cikin 26, bayan kallo kuma 6.3. Abin da ya ƙaru sosai shi ne tabbacin da suke da shi a kan amsoshinsu, har da waɗanda ba daidai ba.

Wani rukunin kuma ya kalli bidiyon da ya ɗauki salon hira. Wani ɗalibi ne yake faɗin abin da yawancin mutane suka ɗauka gaskiya ne, wato idan ka jefa ƙwallo sama, ƙarfin hannunka yana tare da ita yana tura ta har sai ya ƙare, malami kuma yana warware masa inda ya kauce. Waɗanda suka kalli wannan sun ce ya rikita su. Makinsu kuwa ya kusan ninkawa, ya kai 11 cikin 26.

Da za a ɗora bidiyoyin nan biyu a intanet a bar jama'a su zaɓa, da alama na farkon ne zai kwashe yabo, alhali na biyun ne ya koyar. Wannan ita ce matsalar da ke gaban duk malamin da yake ɗaukar darasi da waya, da shugaban makarantar da zai zaɓa wa ɗalibai abin kallo, da uban da yake sayen data domin ɗansa ya yi shirin jarrabawar WAEC ko JAMB. Lambar da ta fi fitowa fili a ƙarƙashin bidiyo, ta masu danna Like, ba ta auna abin da aka zo nema. Akwai wasu alamomi uku da suka fi ta faɗin gaskiya: inda masu kallo suke komawa baya su maimaita, inda suke tsayar da bidiyon, da abin da suke yi idan aka ba su ɗan gwaji. Sai dai kowace ɗaya a cikinsu tana iya yaudarar mutum idan ya karanta ta ita kaɗai.

Abin da Like yake aunawa

Mai danna Like yana faɗin yadda ya ji ne, kuma sau da yawa yakan danna tun bidiyo bai yi nisa ba. Wani don muryar malamin ta yi masa daɗi, wani don ɗan garinsu ne, wani don malamin ya roƙa, wani kuma don ya adana bidiyon ya kalla daga baya, ba kuma zai dawo ba. Ɗalibin da ya kasa gane komai ya fice a minti na biyu ba ya barin wata alama. Saboda haka lambar ta waɗanda suka ji daɗi ce kawai. Tun daga watan Nuwamba na 2021 ma YouTube ya daina nuna wa jama'a adadin masu danna Dislike, don haka mai neman darasi gefe ɗaya kawai yake gani.

Ko da kowa zai danna da zuciya ɗaya, da sauran rina a kaba, domin mutum ba gwani ba ne wajen sanin ko ya koya. A 2013 Shana Carpenter da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Iowa ta Amurka sun nuna wa ɗalibai gajeren bidiyo, wanda bai fi minti ɗaya da 'yan sakanni ba, a kan dalilin da ya sa wasu kyanwoyi suke fitowa da launi uku. Malama ɗaya ce, bayanin ma ɗaya ne. A bidiyo na farko ta tsaya da kyau tana kallon masu sauraro, magana na fita tiryan-tiryan. A na biyu ta sunkuya tana karantawa daga takarda tana inda-inda. Waɗanda suka kalli na farko sun yi hasashen za su tuna abu mai yawa fiye da ɗaya rukunin. Da aka gwada su, makin rukunonin biyu kusan ɗaya ya fito. Iya magana ya ƙara musu jin cewa sun gane, bai ƙara musu ganewar ba.

Dalilin a bayyane yake. Idan bayani yana tafiya sumul, mai kallo yakan ce a ransa, ai na san wannan, sai ya saki hankalinsa. Tsohon kuskuren da ya zo da shi yana nan daram, ba a taɓa shi ba. Koyo na gaske yakan zo da ɗan ciwon kai, kuma ba kowa ne yake gode wa wanda ya sa shi wahala ba, aƙalla ba a nan take ba.

Inda ake komawa baya

Duk wanda yake da tasha a YouTube yana iya buɗe YouTube Studio ya ga wani zane na kowane bidiyonsa. Layin kwance yana nuna lokacin bidiyon daga farko zuwa ƙarshe, layin tsaye kuma yana nuna kason masu kallon da suke nan a kowane lokaci. Zanen yakan fara daga sama ya yi ta gangarowa yayin da mutane suke ficewa. A wasu wurare sai ya yi tudu, a wasu ya yi kwari. Tudun, wanda shafin ya kira Spikes, wuri ne da aka koma aka sake kallo ko aka tsallako zuwa gare shi. Kwarin, wato Dips, wuri ne da aka tsallake ko aka fice.

Bincike mafi shahara a kan wannan zane ya fito ne a 2014 daga Juho Kim, Philip Guo da abokan aikinsu. Sun duba bidiyoyi 862 na kwasa-kwasai huɗu da jami'o'in MIT, Harvard da Berkeley suka koyar a dandalin edX a ƙarshen 2012. Abu na farko da suka gano shi ne kusan kashi 55 cikin 100 na zaman kallo ba ya kaiwa ƙarshen bidiyo, kuma da yawa daga masu ficewa tun a farkon farawa suke tafiya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa adadin waɗanda suka buɗe bidiyo ba shi ne adadin waɗanda suka kalle shi ba.

Sannan suka zauna suka kalli wuraren da zanen ya yi tudu domin su ga abin da yake faruwa a wurin. Kusan kashi 61 cikin 100 na tuddan sun zo daidai da lokacin da hoton da ke kan allo ya canza, misali daga rubutu zuwa fuskar malami. Sun kasa dalilan gida biyar. Akwai masu tsallakowa zuwa inda sabon batu ya fara. Akwai masu komawa domin an ɗauke rubutu ko zane kafin su gama karantawa. Akwai masu bin aiki mataki-mataki, suna yi da hannunsu suna komawa. Akwai masu maimaita wani ɗan guntun abu da ya gifta da sauri. Akwai kuma masu sake sauraron wani bayani na baki da ba a rubuta shi ba.

Duba jerin nan da kyau. Wasu dalilan alamar alheri ce, domin ɗalibin da yake bin aiki mataki-mataki yana koyo ne. Wasu kuma laifin bidiyon ne, kamar ɗauke rubutu da wuri. Amma a kan zane duk tudu ɗaya suke yi. Kamar cincirindon jama'a ne a tsakiyar kasuwa: daga nesa ba za ka san ko kaya ne masu kyau suka iso ko faɗa ake yi ba, sai ka matsa kusa. Haka tudun yake. Yana gaya maka sakan nawa za ka je ka duba, ba ya gaya maka abin da za ka tarar. Malamin da ya ga tudu ya yi murna cewa nan ne ya fi burge mutane, mai yiwuwa a nan ne ya fi rikita su.

Hanyar dubawa ba ta da wuya. Ka koma kamar sakan 20 kafin tudun ka kalla har ka wuce shi, kana tambayar kanka abu uku. Shin wani rubutu ya ɓace daga allo a nan? Shin na faɗi sabuwar kalma ban bayyana ta ba? Shin na tsallake wani mataki domin ni a wurina mai sauƙi ne? Idan amsar ɗaya daga ciki e ce, tudun ƙorafi ne. Idan kuwa wurin shi ne inda aka warware babban misali, ko inda aka tattara dokar da ɗalibi zai kwafa, to tudun yana inda ya dace.

Tsayar da bidiyo

Tsayarwa ta fi maimaitawa wuyar fassara, kuma YouTube ba ya nuna wa mai tasha inda aka tsayar. Manhajojin da aka gina domin koyarwa ne suke iya ajiye irin wannan bayani, su rubuta lokacin da aka kunna, lokacin da aka tsayar, da inda aka ja bidiyon gaba ko baya. A wani binciken na 2014 da Guo ya jagoranta tare da Kim da Rob Rubin, wanda ya duba zaman kallo miliyan 6.9 a edX, an ga cewa ɗalibai sun fi tsayarwa da maimaitawa a bidiyon koyar da aiki, irin na warware lissafi, fiye da na lacca. Ke nan yawan tsayarwa a darasin aikin hannu abin so ne, rashinsa ma shi ne abin dubawa. Idan malami yana koyar da yadda ake yanka wuyan riga ko haɗa waya a allon lantarki, kuma babu wanda ya tsayar ko sau ɗaya, da wuya a ce akwai mai yin aikin tare da shi.

Abu biyu ne suke taimakawa wajen gane ma'anar tsayarwa: tsawonta, da abin da ya biyo bayanta. Tsayarwa ta 'yan sakanni da aka ci gaba daga inda aka tsaya yawanci ta karanta allo ce ko kwafar rubutu. Tsayarwa ta minti ɗaya ko biyu daidai inda malami ya ce a gwada wani aiki alama ce ta cewa an gwada. Tsayarwar da komawa baya ya biyo ta, musamman idan an yi haka sau biyu ko uku a wuri ɗaya, tana nuna ɗalibi ya maƙale. Tsayarwar da ba a dawo daga gare ta ba ita ce mafi muni idan mutane da yawa suka yi ta a sakan ɗaya, domin a nan ne suka yanke ƙauna.

Sharaɗin shi ne mutane da yawa, a wuri ɗaya. Mutum ɗaya yana iya tsayar da bidiyo saboda an kira salla, ko an aike shi, ko caji ya ƙare, ko sabis ya yanke. Irin waɗannan a warwatse suke faɗowa ko'ina cikin bidiyon. Idan ka ga sun taru a sakan guda, ba sabis ba ne, darasin ne.

Gwaji shi ne alƙali

Maimaitawa da tsayarwa suna nuna abin da hannu ya yi. Abin da ya shiga kai kuwa sai an tambaya. A nan lambobi biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Ta farko ita ce mutum nawa suka amsa gwajin har ƙarshe cikin waɗanda suka fara kallo. Ta biyu ita ce nawa suka ci. Idan mutum 100 suka kalla, 15 suka amsa, kuma dukansu suka ci, ba za a ce bidiyon ya yi nasara ba. Mai yiwuwa waɗannan 15 ɗin su ne waɗanda dama suka san darasin, sauran 85 kuma sun ga ba za su iya ba sun janye. Babban maki tare da ƙarancin masu amsawa abin zargi ne.

Domin kauce wa wannan ake yin abin da Muller ya yi, wato gwaji kafin kallo da gwaji bayan kallo. Bambancin da ke tsakani shi ne aikin bidiyon. Tambayoyin kuma kada su zama maimaicin abin da aka faɗa kalma da kalma. Idan malami ya warware misali da wasu lambobi, gwajin ya zo da wasu lambobin daban, domin a bambanta wanda ya haddace da wanda ya fahimta. Idan da hali a sake tambaya bayan mako guda, saboda abin da aka amsa minti biyu bayan kallo yana iya zama ɗumin ji ne kawai.

Gwajin yana da wata fa'ida bayan aunawa. A 2013 Karl Szpunar, Novall Khan da Daniel Schacter na Jami'ar Harvard sun raba wata laccar bidiyo ta ilimin ƙididdiga mai tsawon minti 21 gida huɗu. Wasu ɗaliban ana ba su gajerun tambayoyi bayan kowane kashi, wasu ba a ba su. Waɗanda ake yi wa tambayoyin hankalinsu bai yi yawo ba sai kamar rabin yadda na sauran ya yi, sun fi rubuta abin da suke ji, kuma sun fi cin gwajin ƙarshe. Tambaya a tsakiyar bidiyo tana aunawa, tana kuma koyarwa. Manhajoji irin su Edpuzzle da H5P suna ba malami damar dasa tambaya a cikin bidiyo, ya tsaya har sai an amsa. Wanda ba shi da su yana iya haɗa tambayoyinsa a Google Forms, ko ma ya rubuta su a allon aji.

Yadda ake haɗa ukun

Bari mu ƙaddara wani misali, da lambobin da aka zaɓa domin bayani kawai. Wani malamin lissafi na ƙaramar sakandare ya ɗauki bidiyo na minti 8 a kan yadda ake tara rabi da sulusi, wato 1/2 + 1/3. Ya ɗora wa ɗalibansa 40 a manhajar da take ajiye bayanin kallo. Talatin da shida suka buɗe, 30 suka kai ƙarshe, 27 suka amsa gwajin, 25 kuma suka danna alamar yabo. Idan ya tsaya a nan, sai ya ce aiki ya yi kyau.

Da ya duba zanen kallo sai ya ga tudu biyu. Na farko yana wajen minti 4 da sakan 10, na biyu a minti 6 da rabi. A na biyun ya san dalili, domin a nan ne ya ce kowa ya tsayar ya gwada wani misali da kansa, kuma tsayarwar da aka yi a wurin ta kai kamar minti ɗaya, aka ci gaba ba tare da komawa baya ba. Wannan tudu lafiya lau yake. Na farkon kuwa daban ne. Ana tsayarwa, a koma baya sakan 15, a sake kallo, wasu har sau uku. Huɗu daga cikin shidan da suka fice kafin ƙarshe a nan suka tafi.

Sai ya koma ga gwajin. Tambaya ta uku ita ce 1/3 + 1/4, kuma ya ba da zaɓi uku da gangan. Akwai 7/12, amsar daidai. Akwai 2/7, amsar wanda yake tara lambobin sama da juna, na ƙasa da juna, wanda shi ne tsohon kuskuren da yara suke zuwa da shi. Akwai kuma 2/12, amsar wanda ya nemo lambar ƙasa ta tarayya daidai amma ya manta bai canza na sama ba. Kafin kallo, cikin ɗaliban nan 27, mutum 20 sun zaɓi 2/7, uku sun zaɓi 2/12, huɗu suka ci. Bayan kallo, biyar ne kawai suka rage a kan 2/7, tara suka ci, amma 13 sun koma 2/12.

Yanzu labarin ya fito. Bidiyon ya yi rabin aiki. Ya raba yawancin yaran da tsohon kuskurensu, sun gane cewa sai an daidaita lambobin ƙasa. Amma ya bar su a tsakiyar hanya da sabon kuskure. Da malamin ya kalli minti na 4 da sakan 10, sai ya ga kansa yana rubuta cewa 1/2 daidai yake da 3/6, 1/3 kuma daidai yake da 2/6, ya faɗa da baki cikin 'yan sakanni, sannan ya goge allon domin ya sami wurin rubuta amsa. Matakin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda ya fi saurin ɓacewa. Yaran sun yi ta komawa suna nemansa, ba su samu isasshen bayani ba.

Ka lura da yadda alamomin suka taimaki juna. Gwajin ya nuna abin da ba a koya ba. Zanen ya nuna inda abin ya lalace. Yanayin tsayarwar ya bambanta tudun wahala da tudun aiki. Da maki kawai ya duba, da ya ce yaran ba su mai da hankali ba. Da zanen kawai ya duba, da ya ɗauka minti na huɗu ne gwanin bidiyon.

Gyaran ba ya buƙatar sake ɗaukar komai daga farko. Ya sake ɗaukar wannan sashe kaɗai, ya zana abu guda an raba shi shida, ya nuna cewa rabinsa yanki uku ne, sulusinsa yanki biyu, ya bar rubutun a kan allo har ƙarshen misalin, sannan ya dasa tambaya ɗaya nan take: sulusi yanki nawa ne cikin goma sha biyu? Abu ɗaya zai canza a lokaci guda, domin idan ya canza biyar ba zai san wanda ya yi magani ba. Sai ya ba wani ajin sabon bidiyon tare da gwaji iri ɗaya. Idan masu zaɓar 2/12 suka ragu kuma komawa baya a wurin ta lafa, gyaran ya ci. Idan tudun ya ɓace amma kuskuren yana nan, to ya sassauta kallo ne kawai, bai gyara fahimta ba.

Inda lambobin suke gazawa

Dole a san iyakar waɗannan ma'aunai. Na farko, manhaja tana ganin bidiyo yana tafiya ne, ba ta ganin ko akwai mai kallo. Masu binciken edX da kansu sun faɗi haka: ɗalibi yana iya kunna bidiyo ya tafi wani aikin. Idan makaranta ta ce za ta ba da maki a kan kammala kallo, yara za su koyi kunnawa su ajiye wayar, lambar ta yi kyau, ilimi bai ƙaru ba.

Na biyu, binciken Guo ya nuna cewa matsakaicin lokacin da ɗalibi yake zama a kan bidiyo ba ya wuce minti 6, komai tsawon bidiyon, kuma daga nan maganar gajarta darasi ta yaɗu. Shawara ce mai amfani, amma abin da aka auna zama ne, ba koyo ba, kuma a kwasa-kwasan kyauta ne da babu mai tilasta wa kowa. Yanke darasi mai wuya zuwa minti 3 ta hanyar zubar da matakai zai gyara zanen kallo, ya lalata sakamakon gwaji.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. A garuruwanmu bidiyo da yawa ba a dandalin da aka ɗora shi ake kallonsa ba. Mutum ɗaya yakan sauke, ya tura wa wasu ta WhatsApp ko Xender, ko a zuba a katin waya. Duk wannan kallon babu inda yake shiga lissafi. Sau da yawa kuma yara uku ko huɗu ne a kan waya ɗaya, manhaja tana ƙirga su mutum guda. Ga wanda masu kallonsa ba su da yawa, ko YouTube ba ya fitar da alamomin tudu da kwari sai bidiyo ya samu kallo aƙalla 100.

Wannan ba ya hana aunawa. Malami yana iya kiran ɗalibai biyar, masu ƙoƙari da masu rauni, ya ba kowa wayar shi kaɗai, ya ce ya tsayar ko ya koma baya yadda yake so, shi kuma ya zauna gefe da takarda yana rubuta minti da sakan. Kada ya sa baki. Bayan an gama ya tambayi yaron, me ya tsayar da kai a nan? Sannan ya ba shi tambayoyi uku da sababbin lambobi. Wannan hanya tana da abin da manhaja ba ta da shi, domin yaron zai faɗi dalili da bakinsa. Idan uku cikin biyar suka tsaya a wuri ɗaya, an samu inda za a gyara.

Akwai kuma amana. Bayanin cewa wane ya maimaita sashe sau biyar na gyaran darasi ne, ba na kunyata yaro ba. Ɗalibin da ya koma baya sau biyar ya fi wanda ya bar bidiyon ya wuce shi ƙoƙari. Ranar da yara suka gane ana hukunta su da yawan maimaitawa, za su daina, malamin kuma ya rasa alamar da take nuna masa kurakuransa.

Ga mai kallo da iyaye

Wanda ba shi ne mai bidiyon ba ma yana da abin dubawa. Tun 2022 YouTube yana nuna wani ɗan zane a saman layin da ake jan bidiyo da shi, wanda yake bayyana wurin da aka fi maimaitawa a bidiyoyi da yawa. Ka je wurin ka gani. Idan babban misali ne ko taƙaitawar darasi, madalla. Idan barkwanci ne, ka san abin da ya tara jama'ar. Ka kuma duba ko malamin yana cewa a tsaya a gwada, ko yana kawo kuskuren da aka saba yi ya warware shi, ko yana ba da tambayoyi a ƙarshe.

Ma'auni mafi inganci kuma yana hannunka. Idan ɗanka ya gama kallo, kada ka tambaye shi ko ya gane, domin zai ce e, kuma da gaske yake jin haka. Karɓi wayar, ka ba shi takarda da biro, ka ce ya warware wani misali da ba a yi a bidiyon ba, ko ya koya wa ƙanwarsa. Ka sake tambayarsa bayan kwana biyu ko uku. Idan ya iya, wannan malami ya cancanci datar da kake saya, ko da mutum goma ne suka yaba masa. Idan bai iya ba bayan ya yi ƙoƙari, ka nemo masa wani darasin, ko da wannan yana da yabon mutum dubu ɗari.